Ba Gaggawa, Baba

A kan dogon teburin da ke tsakiyar ofishin akwai wani ɗan gini na kwali, wanda bai fi a ɗauke shi da hannu biyu ba, kuma a cikinsa Mai Taga take wuni. Jikinta dai yana kan kujera gaban kwamfuta, yana amsa gaisuwa, yana shan shayin da ya huce. Amma da zarar ofis ya yi tsit bayan la'asar, sai ta taso ta jawo fitilar tebur, ta rataya ta a saman ɗan ginin, ta sunkuya ta sa ido ɗaya a ƙofarsa. A tsakiyar rufin ta yanke wani rami mai zagaye. Haske yakan zubo ta ramin ya sauka a daɓen kwali, ita kuma sai ta riƙa jan fitilar a hankali daga gabas zuwa yamma, hasken yana tafiya a ƙasa, yana hawa kan 'yan kantocin littattafan da ta yi da tsinken ashana. A nan take ganin yara zaune, kowa da littafinsa, suna matsawa suna bin hasken ba tare da sun san suna matsawa ba.

Wannan ɗan gini samfurin tsohon ɗakin karatu ne na garin. Hukuma ta ce za a gyara shi, ta kira kamfanonin zanen gini su kawo nasu tsarin, a zaɓi ɗaya. A wannan ɗakin karatu Mai Taga ta koyi son littafi tana ƙarama, a wani zaure mai duhu da warin tsohuwar takarda, inda sai ka kai shafin kusa da hanci kafin ka gane baƙaƙen. Tun lokacin take kallon rufin nan tana cewa da za a huda shi. To, ga shi ta girma, ta zama mai zanen gini, ga rufin an miƙo mata. Saboda yawan maganar taga da take yi ne ma aka laƙa mata sunan, har wasu a ofishin suka manta na gaskiyar.

Ba zane kaɗai hukumar ke so ba. Tana son cikakkun zane-zane, da ƙiyasin abin da aikin zai ci, da rahoton injiniya mai sa hannu da hatimi, musamman ga duk wanda ya ce zai taɓa rufi. Shugabar kamfanin, kafin ta yi doguwar tafiya, ta tara mutanenta ta raba aiki: zane-zane na Dogo, ƙiyasi na Anti, rahoto na Baba Injiniya. Sannan ta juya ga Mai Taga ta ce, "Ke za ki haɗa kan komai. Ba a sa ranar rufewa ba tukuna, wajen ƙarshen wata mai zuwa dai. In ta fito, ki tabbata kowa ya sani."

Mai Taga ta dubi mutanen da aka ce ta haɗa kansu. Dogo ya girme ta, ya kuma riga ta zuwa ofishin, ko da yake a takarda ita ce gaba da shi. Anti sa'ar mahaifiyarta ce. Baba Injiniya kuwa, shi ne ya karɓe ta ranar da ta fara zuwa koyon aiki da takalmi mai tsini, ya dubi takalmin, ya dubi yashin da za su shiga, ya cire hular kwanonsa ya ɗora mata a kai ya ce, "'Yata, kan dai mun tsare shi, ƙafar kuma sai Allah." Shi ya koya mata karanta bango da ido. Yanzu wai shi za ta tsaya a kansa ta ce ya yi sauri?

Ga kuma fatalwar Ƙararrawa. Ƙararrawa wani ne da ya riƙe wannan aiki na haɗa kai kafin ita, mutum mai aika saƙo tun da asuba da manyan baƙaƙe, mai tsayawa a bayan kujerar mutane yana buga agogon hannunsa da yatsa. Ya bar kamfanin da daɗewa, amma har yau in wani ya matsa wa wani, sai Dogo ya ɗaga murya ya ce "ƙarrr," ofis ya kwashe da dariya. Mai Taga ta yi wa kanta alkawari, ko sama za ta faɗo, ba za a yi mata ƙarrr ba.

Da ranar ta fito, a saƙon hukuma ta zo, cikin wata doguwar takarda: Alhamis ta ƙarshen wata, ƙarfe goma sha biyu na rana, shafin karɓa zai rufe da kansa. Mai Taga ta buɗe zauren hirar ofis a wayarta ta rubuta ranar ɓaro-ɓaro, da sa'ar, ta ƙara da cewa tana buƙatar na kowa kwana guda kafin nan don ta haɗa. Ta karanta. Sai ta ji kamar muryar Ƙararrawa ce ke fita daga yatsunta. Ta goge "ina buƙata," ta sa "zai yi kyau." Ta goge sa'ar. Ta dubi ranar ita kaɗai a tsaye tsirara a tsakiyar layi, ta ji ta yi tsauri, ita ma ta goge. Abin da ya saura shi ne: "Barkanmu da aiki, manyana. Ina ɗan tunatar da mu batun ɗakin karatu, in an samu sarari. Ga takardar hukuma nan a ƙasa. Allah ya taimake mu." Ta liƙa takardar, ta tura.

Amin ta zo guda uku. Ta Baba har da hoton hannuwa biyu a ɗage. Kuma kowa a ofishin nan, har da mai shara, ya san Baba Injiniya bai taɓa buɗe takardar da aka liƙa a saƙo ba. Ita ma ta sani. Ta dai ajiye sanin a gefe, ta jawo fitila ta koma cikin ɗan gininta.

Da Dogo abin bai yi wuya ba. Shi mai bin takarda ne layi-layi, ya ga ranar da kansa. Ta wuce ta gefensa ta ce, "Yaya Dogo, in ka bar ni na kunyata, a kan teburinka zan zauna na yi kuka." Ya ce, "Rufa mini asiri, kar ki jiƙa mini zane," ya ci gaba da jan layukansa. Anti ma ta ga ranar. Ta sauke tabarau ta ce, "Ni nawa a shirye yake, ɗiyata, sai na rufi. Ba zan ƙiyasta rodi da kankaren da ban san yawansu ba. Sai Baba ya ba ni, na ba ki. Kin yi masa magana?"

"Zan yi, Anti."

Ofishin Baba ɗan ɗaki ne a ƙarshen baranda, da taga ɗaya da wata shuka mai dogayen ganye wadda yake shayarwa da ragowar ruwan kofinsa. A bango akwai kalanda mai manyan gidaje, cike da rubutun fensir. Haka yake aiki tun kafin a haife ta: wanda ya ce masa rana, ya rubuta a gidan ranar, da safe ya dubi bango, ya ɗauko aikin da ya fi kusa. Ta shiga da sallama, ta gaishe shi, ta tambayi gwiwarsa, ta tambayi jikokinsa, ta yaba shukar. Ya ce ta zauna. Suka yi hirar wata gada da ya gina yana saurayi. Hasken tagar ya kwanta a kan teburinsa, ƙura tana yawo a ciki a hankali, muryarsa tana tafiya kamar ta mai ba da tatsuniya, ita kuma ta ji ranar da ke bakinta ta narke kamar sukari a shayi. Da ta tashi tafiya, a bakin ƙofa, ta waiwayo ta ce, "Af, Baba, batun ɗakin karatun nan... in ka samu dama dai. Ba gaggawa."

Ya ɗago ya dube ta ta saman tabarau, ɗan jim. Ya ce, "To, 'yata." Fensirin da ya zaro daga bayan kunne ya mayar da shi inda yake.

Ta koma bayan kwana biyu da biskit ɗin da yake so. Ta koma a mako na gaba da tambaya a kan wani ginshiƙi da ta san amsarsa. Kowane zuwa, a bakin ƙofa take sakin maganar, kamar mai ajiye kaya ta gudu, kuma kowane zuwa sai bakinta ya ƙara wannan wutsiyar da kansa: ba gaggawa. Wallahi ba ta san lokacin da take fitowa ba. Shi kuma ya ce "to, 'yata," muryar tana ƙara yin ƙasa. Ta lura ya daina fitowa tsakiyar ofis ya leƙa ɗan ginin kwali kamar yadda ya saba. Ta ɗauka gwiwa ce.

A mafarkinta kuwa ginin ya riga ya tsaya. Tana tafiya a cikinsa ba takalmi, daɓen da sanyi, sai ta shiga zagayen hasken ta ji ɗumi a tafin ƙafa. Wani lokaci ruwan sama ne ke sauka a kan gilashin tagar rufin, inuwar ɗigon tana gudu a kan shafukan yara. Wani lokaci tsuntsu ne ke wucewa, inuwarsa ta ratsa ɗakin, duk kawunan su ɗago tare. Ta farka tana murmushi, ta dubi waya, ta ga kwanan wata, murmushin ya tsinke.

Ranar Lahadi da yamma ta je gidan mahaifiyarta. Mama tsohuwar nas ce, ta yi ritaya amma har yanzu tana naɗe tawul kamar za a zo duba aiki. Ta ga 'yarta tana juya cokali a kofi ba ta sha, ta ce, "Faɗi." Mai Taga ta faɗa, tana kare kanta tun kafin a zarge ta: ai babba ne, ai shi ya koya mata aiki, ai ta tuna masa har sau nawa.

"Me kika ce masa?"

"Na ce in ya samu dama."

Mama ta yi dariyar da sai da ta dafe ƙirji. "Ni sau nawa nake ce miki in kin samu dama ki zo ki gyara mini ƙofar bayin nan? Kin zo?"

"Haba Mama, ai wannan daban."

"Ina daban ɗin? Ke, ni na yi aiki da likitocin da in sun shigo ɗaki har fanka sai ta rage gudu. Amma in lokacin duba mara lafiya ya yi, zan gaishe shi da duk ladabin da uwata ta koya mini, sannan na ce, ranka ya daɗe, gado na biyu, ƙarfe huɗu. Ladabin nasa ne, ina ba shi cikakke. Ƙarfe huɗun kuwa ba nawa ba ne balle na yi masa ragi." Ta tura mata kofin. "Sha, ya huce. Kin ba bawan Allah gaisuwa, kin ɓoye masa rana, kina kiran wannan kunya."

Mai Taga ta ji haushi, irin haushin da mutum kan ji in an faɗa masa abin da ya riga ya sani.

Litinin da safe ba ta sayi biskit ba. A mota ta yi ta maimaita maganar, ta jera ta: gaisuwa, rana, dalili, sannan me zan ɗauke maka. Ta shiga ɗakin Baba ta gaishe shi, ya amsa, ya nuna mata kujera. Ba ta bari hasken tagar ya ɗauke ta ba. Ta zauna a bakin kujerar.

"Baba, na zo da magana, kuma laifina ne da ban faɗe ta tuntuni ba. Aikin ɗakin karatu, Alhamis ɗin nan ake rufe karɓa, ƙarfe goma sha biyu na rana. Ina buƙatar rahotonka Laraba da safe, don Anti ta gama ƙiyasin rufi, ni kuma na haɗa na tura. In babu sa hannunka ba za su ko duba namu ba. Duk abin da zan iya ɗauke maka, buga rubutu ne, kai ka wurin ne, ka faɗa mini."

Ta jira ƙarrr. Ba ta zo ba. Baba ya zaro fensir daga bayan kunne, ya tashi da ƙyar, ya je bango. Ya sa yatsa a gidan Alhamis, ya ja da baya zuwa Laraba, ya rubuta. Ya daɗe a tsaye ya ba ta baya.

"Wannan Alhamis ɗin," ya ce.

"Ita, Baba."

"Ashe da ni ake yi."

Ba ta gane ba. Ya juyo, ya cire tabarau yana gogewa da gefen riga, idanunsa ba tabarau sun yi ƙanana.

"'Yata, tun da na fara aikin nan ba a taɓa barina na huta ba. Injiniya gobe, Injiniya jibi, Injiniya jiya ma muke so. Har zagina an yi a kan rana. Sai bana na fara jin wata sabuwar magana, wai ba gaggawa. Wancan aikin otal ɗin haka aka ce mini, ba gaggawa, Baba, ka huta. Ashe an kai wa wasu samari a waje sun buga a kwamfuta, ni ana lallaɓa ni da gaisuwa." Ya mayar da tabarau. "Da na ji ta a bakinki, na ce to, ita ma ta samu nata samarin, tana jin nauyin faɗa mini ne. Na ce kar na ba ki kunya da tambaya. Shi ya sa na daina zuwa kallon ɗan gidan naki. Mutum ba ya son leƙa abin da aka cire shi a ciki."

Wayyo. Ita da take ganin tana shimfiɗa masa darduma, ashe ƙofa take nuna masa. Ta ji kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa, ta ji tausayi, ta ji kamar ta mari bakinta.

"Baba, wallahi ba kowa sai kai. Tsoro nake ji kar ka ce na yi maka rashin kunya."

"Rashin kunya? Rana ce rashin kunya?" Ya ɗauko hular kwanonsa daga ƙusa, da ƙaramar gudumarsa, kuma ta rantse har tafiyarsa ta canza. "Ɗauko makullin mota. Kin ce za ki kai ni."

Mai gadin ɗakin karatun ya buɗe musu. Zauren yana nan yadda ta bar shi tana yarinya, duhun nan, warin nan, kantoci a lulluɓe da leda. Ta tsaya daidai tsakiya, inda zagayen hasken zai sauka, ta ɗaga kai. Na ɗan lokaci ta gan shi sarai, rufin ya buɗe, sama ta leƙo, ƙura tana hawa cikin hasken. Sai ƙarar guduma ta dawo da ita. Baba ya hau tsani, mai gadi yana riƙe masa, yana ƙwanƙwasa kankaren rufin yana kasa kunne. Wani wuri ya amsa da ƙarfi, wani wuri ya amsa kamar tukunyar da ta tsage. Ya kankare wani tabo mai launin tsatsa da farce. Ya sa suka hau sama, ya zagaya, ya durƙusa inda ruwa ke kwanciya. Ita tana biye da shi da ma'auni, tana rubuta abin da ya faɗa, tana satar kallon fuskarsa.

Da suka sauko ya zauna a kan wani ɗan bencin yara, gwiwoyinsa sun kusa kai haɓa.

"Rufin zai zauna," ya ce. "A gyara inda ruwa ya ci, a rufe shi da kyau, zai kai jikokinki. Wannan zan rubuta miki kafin Laraba, na sa hannu da zuciya ɗaya."

"Tagar rufin fa?"

Ya juya gudumar a hannu.

"Huda rufi ba kamar gyara shi ba ne. In kin yanke rami mai faɗin nan, kin yanke rodin da ke ɗauke da shi, sai an ɗaura masa sabon bim, dogarin kankare, a kewaye, nauyin ya koma kan tsofaffin ginshiƙai. Ba zan san ko za su ɗauka ba sai na san ƙarfin kankaren nan. Zanen asalin ginin ya ɓata, kin sani. Sai an nemi izinin hukuma, an zo da inji an ciro samfur, an kai ɗakin gwaji an matse. Ko yau aka fara, sakamakon ba zai fito ba sai mako mai zuwa."

"Ba za ka iya ƙiyastawa ba, Baba? Kai da ka san bango da ido?"

"Yara za su zauna a ƙarƙashinsa, 'yata."

Ta san dokar hukumar, ita ta karanta ta: abin da aka miƙa shi za a auna, shi za a gina, kuma ba a taɓa rufi sai da cikakken rahoto.

"Da yaushe ya kamata a fara?" ta ce, ko da yake ba ta son ji.

"Ranar da kika fara kawo mini biskit ma da mun isa, har da saura."

Bai faɗe ta da zafi ba. Da ma ya faɗa da zafi. Ta juya ta fuskanci kantocin da ke cikin leda, hawaye suka zo ba ta hana su ba. Ba wanda ya ƙwace mata tagar nan, ba hukuma ba, ba Baba ba. Ita ta goge ta da yatsanta a waya, a ranar da ta goge kwanan wata.

Kwanakin da suka biyo baya ofishin ya koma kamar kicin ana jiran baƙi. Suna dawowa ta rubuta sabon saƙo a zauren hira, ta gaishe su, ta faɗi abin da ya canza da dalili, ta sa wa kowa ranarsa da sa'arsa, ta ce wanda ya ga ba zai yiwu ba ya faɗa mata yau. Dogo ya turo "ƙarrr," sai kuma ya biyo da "an gama, ranki ya daɗe." Ta yi dariya da jajayen idanu, ashe ƙarrr ɗin ba ta kisa. Dogo ya cire ramin daga zane-zane, ya faɗaɗa tagogin gefe gwargwadon yadda Baba ya yarda. Baba ya kawo rahoton Laraba tun kafin mai shara ya gama, a hannu ya kawo, ya buga hatimin a gabanta da ƙarfi har kofuna suka motsa. Anti ta karɓa ta ce, "Yauwa, yanzu aka yi magana." Alhamis da hantsi Mai Taga ta tura komai, shafin ya nuna an karɓa. Ta kira shugaba ta faɗa mata an miƙa, ta faɗa mata abin da aka cire da wanda ya jawo. Shugaba ta ce za su yi magana in ta dawo.

Da la'asar ofis ya yi tsit. Ta ɗaga kofin shayinta. A ƙarƙashinsa akwai wani zagayayyen kwali, wanda ta yanke daga rufin samfurin tun farko, ta mai da shi matashin kofi. Ya sha tabon shayi. Ta goge shi da gefen mayafi, ta shafa gam a bakinsa, ta mayar da shi cikin ramin. Ya zauna daf, kamar bai taɓa fita ba. Ta jawo fitila, ta sunkuya ta sa ido a ƙofar. Ta ja fitilar daga gabas zuwa yamma. Ba abin da ya motsa a daɓen. Ɗan haske ne kawai ke shigowa ta gefe, ya tsaya a kantar farko. Yaran suna nan zaune, sun kai littattafan kusa da hanci.

Ta ji takun Baba a bayanta, mai jan ƙafa ɗaya. Ya sunkuya da ƙyar kusa da ita, ta matsa masa, ya leƙa. Ya daɗe yana kallo.

"Da ta yi kyau fa, tagar da kika rufe ɗin nan," ya ce a hankali. "Na so na lissafa ta."

Ya miƙe yana dafa tebur, ya zaro fensir daga bayan kunne.

"Aikin makarantar nan da aka ba ki. Yaushe kike son nawa?"

Ta buɗe baki, ta ji tsohuwar wutsiyar ta taso har kan harshe. Ta haɗiye ta.

"Talata, Baba. Kafin azahar."

Ya rubuta a tafin hannunsa, ya tafi yana karantawa. Ita kuma ta kashe fitilar, ta ɗauki kofinta, ta rasa inda za ta ajiye shi.